Idan firinsifal ya ci mutuncin malami a gaban abokan aikinsa

A makarantun gwamnati da yawa, mitin ɗin malamai na farkon zango yana da wani ɓangare da kowa ya san da zuwansa, ko da ba a rubuta shi cikin abubuwan da za a tattauna ba. Bayan an yi addu'a an karanta bayanin taron baya, sai malamin jarabawa ya miƙa wa firinsifal takardar sakamakon zangon da ya wuce, shi kuma ya fara bin darussa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ɗalibansa suka ci da yawa, a ce masa madalla a wuce. Wanda nasa suka zube, a kansa za a tsaya. Za a kira sunansa, wani lokaci ma a ce ya miƙe, a karanta masa adadin waɗanda suka faɗi kamar ana karanta wa mai laifi tuhuma, sannan a bi da maganganun da babu ruwansu da koyarwa. Sauran malamai kuwa kowa ya sunkuyar da kai, yana fatan kada a zo kansa.

Ni a ganina wannan zalunci ne, kuma ban taɓa ganin ajin da ya gyaru ta wannan hanya ba. Amma kafin in zo kan shugabanni, da malamin da aka ci wa mutunci zan fara, domin shi ne aka bari da zaɓi biyu da duk ba su da kyau: ko ya tashi ya rama a ce ya yi wa na gaba da shi rashin kunya, ko ya haɗiye ya tafi da abin gida yana cinsa a rai. Akwai hanya ta uku, kuma na san wani malamin lissafi da ya bi ta. Ba zan ambaci sunansa ko makarantarsu ba.

Malamin nan yana koyar da aji biyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo ta maza. A ranar mitin ɗin, firinsifal ya ɗaga takarda ya ce ɗalibai 124 ne suka zauna jarabawar lissafi a aji biyar, 31 kaɗai suka haye maki 40. Ya ajiye takardar, ya cire tabarau, ya dubi malamin.

"Malam, miƙe mu gan ka. Yara 124, ka kayar da 93. Kai a ganinka albashin da kake karɓa halal ne? Ko dai ita ma takardar taka a duba ta?"

Wasu daga baya suka yi 'yar dariya, irin ta wanda bai san me zai yi da bakinsa ba. A cikin ɗakin akwai malamai kusan arba'in, har da masu bautar ƙasa biyu da wani matashin malami wanda shi wannan malamin lissafin ne ya koyar da shi a aji uku. Ya gaya mini cewa a lokacin sai ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi, hannunsa na dama yana rawa har sai da ya dafa benci. Amsa tana nan a bakinsa, kuma mai zafi ce, domin ya san wanda ya haɗe azuzuwa biyu ya zuba masa a ɗaki ɗaya, ya kuma san wanda ke tsayar da yara a filin asambuli har lokacin darasin farko ya wuce. Da ya buɗe baki a wannan lokacin, gaskiya zai faɗa, kuma da ita za a kama shi.

Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya yi ta'awwuzi a zuci, sannan ya ce:

"Ranka ya daɗe, na ji abin da kuka faɗa. Sakamakon bai yi kyau ba, ni ma bai yi mini daɗi ba. Ina roƙon ku ba ni zuwa ranar Alhamis in kawo muku bayani a rubuce. Ina kuma roƙon sakataren taro ya rubuta cewa na nemi wannan dama."

Ya zauna. Firinsifal ya ce, "Allah ya kai mu," ya wuce kan darasin Turanci.

Wannan 'yar amsa, duk da gajartarta, ta yi aiki fiye da yadda ake zato. Bai musa adadin ba, domin adadin gaskiya ne, kuma wanda ya fara da musa abin da kowa ke gani a takarda ya riga ya zubar da rabin hujjarsa. Bai kuma ce "a yi haƙuri, na yi kuskure" ba, wanda da ya faɗa, shi ke nan ya sa hannu a kan cewa shi ne matsalar. Maganar halal da haram da ta takardar shaida bai taɓa su ba sam, ya bar su a hannun mai su, kowa a ɗakin yana jin nauyinsu. Sannan ya yi abin da malamai ƙalilan ne suke tunawa da shi a cikin zafi: ya sa aka shigar da roƙonsa cikin littafin bayanin taro. Littafin nan ba ado ba ne. Yana cikin takardun da sufetoci ke dubawa idan sun zo, kuma da shi ake buɗe taro na gaba. Duk abin da ya shiga cikinsa, dole a sake waiwayarsa.

Daga Litinin zuwa Alhamis bai yi maganar da kowa a ofishin malamai ba. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin masu zuga sun zo. Wani ya ce, "Wallahi da ni ne sai an raba mu." Wani ya ce ya rubuta ƙorafi ofishin shiyya a ranar. Shi dai sai ya ce musu, "Bari Alhamis ta zo." Ya san duk abin da ya furta a wannan ɗaki, kafin a tashi ya isa ofishin firinsifal, kuma da ƙari.

Abin da ya yi shi ne ya tattara takardun da makarantar kanta ta tanada. Ya ɗauko jadawalin darussa, da rajistar kiran suna ta azuzuwan biyu daga hannun malaman aji, da dayarin da yake rubuta abin da ya koyar kowane mako wanda mataimakin firinsifal mai kula da karatu ke sa wa hannu, da takardun makin gwaji. Ya zauna da su a gida bayan sallar Isha'i.

Ga abin da ya fito. Lissafi yana da darasi biyar a mako, kowanne minti 40. Idan aka cire makon bita da na jarabawa daga zango mai mako 13, makon koyarwa 11 ne, ke nan darasi 55 ya kamata yaran su samu. Da ya ƙirga a dayari, 38 aka yi. Cikin 17 da suka salwanta, takwas na safiyar Litinin ne, waɗanda asambuli ya cinye saboda an ɗora lissafi a darasin farko. Biyar sun tafi a wasannin gidaje da hutun tsakiyar zango. Biyu ranar da aka kira malamai tantancewa ne. Biyun da suka rage nasa ne, ranakun da bai zo ba saboda rashin lafiyar ɗansa, kuma bai rama darussan ba. Ya rubuta wannan kamar yadda ya rubuta sauran, bai ɓoye ba.

Sai ya koma kan rajista, ya raba yaran gida biyu. Waɗanda suka halarci aƙalla kashi uku cikin huɗu na kwanakin zango su 52 ne, kuma 27 daga cikinsu sun ci, wato sama da rabi. Sauran 72, masu zuwa yau su ɓace gobe, huɗu ne kawai suka haye. Ya ƙara da cewa tun da aka yi wa ɗayan malamin lissafin canjin wurin aiki ba a kawo madadinsa ba, an haɗa aji biyar A da B a ɗaki ɗaya, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a babbar sakandare. Shi yana riƙe da ninki uku da ɗoriya. Na baya ba sa ganin allo, wasu a taga suke zama, kuma duba aikin gida na yara 124 sau ɗaya kawai yana cinye masa yammaci biyu.

Akwai layi ɗaya da ya yi ta juyawa kafin ya rubuta. A makarantar, makin gwaji 40 ne, na jarabawa 60. Kowa ya san akwai malaman da ke cika makin gwaji 35 ko 38 ga duk yaron da sunansa ke rajista, ko ya zo ko bai zo ba, don sakamako ya yi kyan gani a ofis. Da shi ma ya yi haka, yaron da ya samu biyar kacal a jarabawa ya haye, kuma da babu wanda zai miƙar da shi tsaye. Bai ambaci kowa ba. Abin da ya rubuta kawai shi ne: "Makin gwajin da na bayar shi ne abin da kowane yaro ya samu, kuma takardun suna nan ga mai son dubawa." Duk bayanin shafi ɗaya da rabi ne, babu kalmar zafi ko ɗaya a ciki. A ƙasa ya nemi abu uku: a ɗauke lissafi daga darasin farko na Litinin, a raba ajin ko da zai ƙara masa darussa, a kuma kira iyayen yaran nan 72.

Ranar Alhamis bai shiga ofishin firinsifal shi kaɗai ba. Ya roƙi wani dattijon malamin addini, wanda ya kusa ritaya kuma ya girmi firinsifal ɗin, ya raka shi. Dattijon ya ce, "To ɗana, zan je, amma fa ba zan yi magana ba sai ta kama." Suka yi sallama, suka gaisa, malamin ya miƙa takarda da hannu biyu, ya jira aka karanta. Firinsifal ya daɗe a kan layin asambuli.

Da ya ɗago, malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, darasi biyun nan nawa ne, kuma zan rama su ranar Asabar in kun amince. Sauran kuma ga su nan. Amma akwai abin da ban sa a takarda ba, domin ba na takarda ba ne. Maganar da kuka yi a kan albashina da takardata ta yi mini ciwo. A cikin ɗakin nan akwai wanda ni na koyar da shi. Ban zo neman rigima ba. Roƙona shi ne, tun da a gaban malamai aka yi maganar, a gabansu a karanta wannan bayanin."

Firinsifal ya ce ai shi ba da wata manufa ya faɗa ba, shi ma daga sama ake matsa masa. A nan ne dattijon ya sa baki, ya ce, "Yallaɓai, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yaron nan ya zo maka ta ƙofa."

A taro na gaba, da aka zo kan abubuwan da suka taso daga bayanin taron baya, sakatare ya karanto roƙon malamin, don haka babu yadda za a tsallake. Firinsifal ya sa aka karanta takardar, ya ce an duba an ga matsalar ba ta malami kaɗai ba ce, an kuma mayar da lissafin Litinin zuwa darasi na uku. Bai ce "ka yi haƙuri" ba. Ajin ma ba a raba shi ba sai da aka turo wani mai bautar ƙasa.

Wani zai ce to me aka samu, tun da ko haƙuri ba a ba shi ba? Ni ma ina ganin an rage masa haƙƙi, kuma firinsifal ɗin da ya furta kalmar da bai rage komai daga girmansa ba. Amma a duba abin da ke rubuce yanzu. Wanda duk ya buɗe littafin taron makarantar nan, ko sufeto ne ko sabon shugaba, zai ga an zargi malami, ya nemi dama, ya kawo hujja, an karɓa. Da ya rama da baki a ranar farko, abin da zai shiga fayil ɗinsa takardar tuhuma ce ta rashin ɗa'a ga shugaba, a ba shi awa 24 ko 48 ya kare kansa, kuma daga nan maganar yara 93 ta mutu, an koma maganar tsaurin idonsa. A ƙa'idojin aikin gwamnati rashin biyayya laifi ne mai zaman kansa, ba ya jiran a tantance wa ya fara. Mutumin da ya zage ka shi ne zai cika maka fom ɗin kimanta aiki na shekara, wanda ake dubawa lokacin ƙarin girma. Wannan ba adalci ba ne, amma haka filin yake, kuma malamin da bai san haka ba shi zai kwana a ciki.

Sai dai ina da ja da masu cewa maganin kawai a yi haƙuri a bar wa Allah. Mun saba da wannan nasiha har ta zama abin da ake rufe bakin wanda aka zalunta da shi. Alƙur'ani a cikin suratu Ali Imrana ya yabi masu haɗiye fushi, kuma hadisi ya tabbata cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Malamin nan ya yi aiki da wannan, ya haɗiye fushinsa. Amma bai haɗiye gaskiyar da ke hannunsa ba. Na ga malaman da suka haɗiye duka biyun, kuma na ga abin da ya biyo baya. Mutum ya daina magana a taro, ya daina tsayawa bayan an tashi don taimaka wa yaran da ke baya, ya shiga aji ya cika allo da rubutu ya koma gindin bishiya. Zango na gaba kuma ya cika wa kowa makin gwaji, don kada a sake kiran sunansa. Sakamako ya yi kyau a takarda, firinsifal ya ce faɗansa ya yi amfani, sai WAEC da NECO su zo su tona asiri, lokacin da babu sauran abin da za a iya yi wa yaran. Wanda ya biya kuɗin wannan cin mutuncin ɗan talaka ne da ya fita babu kiredit a lissafi, ba shi da hanyar shiga kwasa-kwasai da yawa a jami'a.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta wuce tsakanin mutum biyu. Shugaban da ke hukunta malami da sakamako tsirara, ba tare da ya tambayi yara nawa ne a ajin, darasi nawa aka yi, su wa suka zo su wa ba su zo ba, yana koya wa malamansa ƙarya ne ko bai sani ba. Ruwa ba ya tsami banza. Tambayoyin da malamin lissafin nan ya kwana yana amsawa, aikin ofishin mataimaki mai kula da karatu ne ya yi su tun kafin a shiga taro, domin duk takardun a hannunsa suke.

Ban ce babu malaman banza ba. Akwai su, kuma duk wanda ya yi aikin ya san su: mai sa hannu a littafin zuwa aiki ya wuce kasuwa, mai shekara bai rubuta shirin darasi ba, mai tura ɗalibi ya kwafe masa rubutu a allo. Firinsifal ɗin da ya ƙyale irin waɗannan ya ci amanar yara. Amma doka ba ta bar shi hannu rabbana ba. Akwai jan kunne a ofis, akwai gargaɗi a rubuce, akwai takardar tuhuma da damar amsawa, akwai kwamitin ladabtarwa, akwai kai rahoto hukumar da ke sama. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, tana da nata kwamitin bincike da na ladabtarwa. Duk waɗannan matakai an gina su a kan abu ɗaya: a gaya wa mutum laifinsa, a saurare shi, sannan a yanke hukunci. Tsarin mulkin 1999 ma a sashe na 36 maganar sauraron kowane ɓangare yake yi. Wankin babban bargo a gaban jama'a ba ya cikin jerin. Abin da na lura da shi ma, shugaban da ya fi yawan tsawa a taro shi ne wanda ya fi jin tsoron rubuta wa malamin banza takarda, musamman in malamin yana da uwa a gindin murhu. Sai a huce a kan wanda ba shi da kowa.

Ga mu kuma da muke cewa muna koyi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An ruwaito cewa idan labarin wani abu ya zo masa game da wani mutum, ba ya kama sunansa a gaban jama'a, sai ya ce me ya sami wasu mutane suke yin kaza da kaza. Firinsifal zai iya tsayawa a taro ya ce sakamakon lissafi da na kimiyya sun faɗi, ga abin da za mu yi, sannan ya kira malamin ofis su zauna da takardu. Babu abin da ya rasa, saƙo ya isa, mutum kuma ya fita da rigarsa.

Akwai kuma iskar da ke kaɗawa daga sama. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarabawar gwaji, ta ce 21,780 sun faɗi, aka kuma baza wasu takardun amsoshinsu a intanet mutane suna ta dariya. Ba na musun cewa akwai waɗanda ba su cancanci riƙe alli ba a cikinsu, kuma gwamnati tana da haƙƙin tace ma'aikatanta. Amma dariyar ba ta tsaya a kan waɗanda suka faɗi ba, ta shafi duk mai amsa sunan malamin makaranta. Idan manya suka nuna cewa kunyata malami hanya ce ta gyara, kada a yi mamaki in hedimasta a ƙauye ya ɗauka. Shi ma firinsifal ɗin labarinmu da ya ce daga sama ake matsa masa, ba ƙarya ya yi ba. Ana tara su a ofishin shiyya a karanta musu sakamakon makarantunsu da irin wannan murya, su dawo su sauke a kan malamai, malamai su sauke a kan yara da bulala.

Dole in faɗi iyakar hanyar malamin lissafin nan, don kada a ɗauka ko'ina take ci. Ta yi aiki ne saboda firinsifal ɗin mai saurin baki ne, ba mugu ba ne, kuma saboda akwai takardu a ƙasa. Malamin da ba ya cika dayarinsa, ba ya ajiye takardun gwaji, ba shi da abin da zai kai ranar Alhamis, sai dai rantsuwa. Akwai kuma shugaban da in ka kawo masa hujja ka ƙara laifi, washegari ka ga sunanka a jerin waɗanda aka tura makarantar da sai an hau babur an tsallake rafi. Alamar irin wannan ba ta ɓuya: zai ƙi karɓar takardar, ko ya hana sakatare rubuta roƙonka, ko abin ya zama kai ne kullum. A nan sai a riƙa yin kwafi biyu na duk abin da aka rubuta, a miƙa ɗaya ta hannun mataimaki ko akawun makaranta a sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan, a rubuta ranar da abin ya faru da kalmomin da aka faɗa tun ba a manta ba. In za a kai ƙara sama, a bi ta hannun shi shugaban kamar yadda tsarin aiki ya tanada, a ba wakilin ƙungiya kwafi. Wanda ya tsallake ya tafi hukuma kai tsaye, sau da yawa da wannan tsallaken za a fara tuhumarsa.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne malaman makarantun kuɗi. Da yawansu ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su cikin ƙungiya, kuma wanda ke zaginsu a taro shi ne mai makarantar, babu na sama da shi. Malama mai karɓar abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, in ta ce a sa roƙonta a littafin taro, ana iya ce mata ba sai ta dawo gobe ba. Haka masu aikin sa-kai da ke jiran a ɗauke su. Ba zan ce musu su kwaikwayi malamin lissafi ido rufe ba. Abin da ya rage musu shi ne rabin farko: kada su rama a cikin zafi, su nemi ganawa a keɓe, su tafi da wani babba da mai makarantar ke jin nauyinsa. Ga malamai mata wannan rakiyar ta fi zama dole, domin shiga ofishin shugaba namiji ita kaɗai a rufe ƙofa wata maganar ce kuma za ta haifar.

Sauran malamai arba'in ɗin da suka sunkuyar da kai ma ina da magana da su. Na san tsoro ne, kuma kowa yana da iyali. Amma ba a ce kowa ya tashi ya yi faɗa ba. Da a ranar Litinin ɗin mutum ɗaya cikin manyan malamai ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, ina ganin a bar wannan a tattauna a ofis," da maganar takardar shaida ba ta fito ba. Dattijon da ya yi rakiya ranar Alhamis ya kyauta, amma yana zaune a ɗakin ranar Litinin.

Ƙungiyar malamai ta NUT, wadda ke nan tun 1931, ta fi ƙarfi a kan albashi da ƙarin girma da kuɗin fansho, kuma babu mai ganin laifinta, yunwa ba ta jira. Amma kusan kowace makarantar gwamnati tana da wakilin ƙungiya, kuma firinsifal-firinsifal suna da tasu ƙungiyar, ANCOPSS. Ba sai an jira majalisa ta yi doka ba kafin ɓangarorin biyu su amince a kan ƙa'ida mai sauƙi: duk malamin da za a tattauna sakamakon darasinsa a taro, a ba shi takardar kwana uku kafin ranar, tare da adadin ɗalibai da na darussan da aka yi da rajistar zuwa, kuma duk abin da ya shafi halinsa ko cancantarsa a yi shi a ofis, a gaban mataimaki da wakilin ƙungiya. Makaranta ɗaya ma za ta iya fara wannan da kanta a mitin ɗin farkon zango mai zuwa, in aka samu malami ɗaya ya kawo shawarar, wani ya mara masa baya, sakatare ya rubuta.